Agogo Ma Yana da Nasa Daren: Haɗarin Sauya Kwanan Wata Gab da Sha Biyu

A cikin ɗan littafin da ke zuwa tare da sabon agogon Seiko 5 akwai gargaɗi guda wanda yawancin masu saye ba sa karantawa: kada a saita kwanan wata ko sunan rana tsakanin ƙarfe 9 na dare da ƙarfe 4 na asuba. Wanda ya sayi agogonsa na hannu, ko ya gaje shi, ko aka kawo masa tsarabar aikin Hajji, sau da yawa ko littafin ma bai taɓa gani ba. Wanda kuwa ya ji maganar a bakin mai gyara yakan ɗauke ta kamar camfi. Ina ruwan ƙarfe da dare? Alhali gargaɗin gaskiya ne, kuma dalilinsa yana kwance a ƙarƙashin fuskar agogon, inda wani ɗan yatsa da bai kai ƙwayar shinkafa ba yake bakin aikinsa a waɗannan sa'o'i.

Lambar da kake gani a 'yar tagar nan ta gefen ƙarfe 3 a jikin wani zobe mai faɗi take, wanda ke kewaye da injin a ƙarƙashin fuskar. An rubuta masa lambobi daga 1 zuwa 31, kuma a bakinsa na ciki yana da haƙora 31, kowace rana da haƙorinta. Akwai wani ɗan ƙarfe mai sifirin da ke faɗawa tsakanin haƙora biyu ya riƙe zoben, don lambar ta tsaya daidai tsakiyar taga kada ta riƙa lilo. Idan aka tura zoben, wannan ɗan ƙarfe sai ya hau kan haƙori, ya tsallake shi, ya faɗa gurbi na gaba. Shi ne ɗan ƙas ɗin da kunne mai kyau kan ji da tsakar dare.

To wa ke tura zoben? Giyar da ke ɗauke da gajeren hannun agogo tana zagaye ɗaya a cikin awa 12. Ita ce ke juya wata 'yar giya ta tsakiya, ita kuma ta juya giyar kwanan wata, wadda aka lissafa haƙoranta yadda za ta yi zagaye ɗaya tak a cikin awa 24. A jikin wannan giya ɗan yatsan yake. Tun safe har yamma yana can yana kewaya a sarari, bai taɓa komai ba. Sai dare ya yi nisa yake isowa bakin zoben, ya shiga tsakanin haƙora biyu, ya dafa bayan ɗaya, ya fara tura shi a hankali. A injin 7S26, wanda Seiko ya fito da shi a 1996 kuma ya cika agogunan Seiko 5 na shekaru masu yawa, ana iya ganin wannan da ido. Kafin sha biyu lambar takan fara zamewa daga tsakiyar taga, ta gaba ta fara leƙowa, har kusan sha biyu ta faɗa wurinta. Aikin ba na daƙiƙa ɗaya ba ne, yakan ci fiye da awa guda.

Da a ce wannan ce kaɗai hanyar motsa zoben, da babu abin tsoro. Haka tsofaffin agoguna suke. Rolex ya fito da Datejust a 1945, kuma mai irin wannan agogo na farko idan yana son ya matsa daga 5 ga wata zuwa 20, dole ya yi ta murza hannuwa suna zagaye, sau biyu don kowace rana. Wahalar wannan ce ta sa aka ƙirƙiro gajeriyar hanya, wadda Rolex ya sa wa Datejust a 1977, sauran kamfanoni ma kowa da tasa. Yau idan ka ja maɓallin gefe zuwa ƙas na farko ka murza, wata 'yar giya dabam ce ke matsowa ta kama haƙoran zoben ta tura shi kai tsaye, ba tare da hannuwa sun motsa ba. Ke nan zobe ɗaya ya sami masu tura shi biyu, kuma babu wanda ya san abin da ɗan'uwansa ke ciki.

Da rana babu rikici, domin ɗan yatsan yana nesa. Da dare ne maganar take. Ɗan yatsan yana tsakanin haƙora biyu, yana tura na gabansa. Kai kuma ka murza maɓalli, zoben ya zabura gaba. Haƙorin da ake turawa ya tsere ya bar ɗan yatsan, amma haƙorin da ke biye da shi ya taho da gudu, ya iske ɗan yatsan tsaye a kan hanya, ya buge shi ta baya. Kamar dai a banko ƙyaure ne alhali ƙafar mutum na bakin ƙofa. Ɗan yatsan ba shi da halin kaucewa da sauri, saboda giyarsa a sarƙe take da giyar awa, ita kuma a sarƙe da sauran injin, giyar tasa kuwa tafiyarta ba ta wuce zagaye ɗaya a wuni da kwana ba.

Sai kuma bambancin ƙarfi, wanda a ganina shi ne abin da mutane suka fi rainawa. An ƙera waɗannan sassa ne daidai da ɗan ƙarfin da ke isowa gare su daga sifirin ɗin agogo, bayan ya ratsa giyoyi da yawa, kuma ya rarrabu a kan tsawon lokaci. Yatsun mutum biyu a kan maɓalli sun ninka wannan ƙarfi ba adadi, kuma a ƙiftawar ido suke sauke shi. Idan mutum ya ji maɓallin ya cije, abin da ya saba yi da murfin kwalba shi zai yi, ya ƙara ƙarfi. A nan ake yin ɓarnar. Ko dai ɗan yatsan ya lanƙwashe ko ya karye, ko haƙorin zoben ya guntule, ko haƙoran 'yar giyar saiti su zube. A injin 7S26 wasu daga cikin giyoyin kalandar na roba ne, masu sauƙi da rashin buƙatar mai sosai, amma ba a yi su don kokawa da hannun mutum ba.

Abin da ya sa gargaɗin Seiko 5 ya kai har ƙarfe 4 na asuba shi ne sunan rana. Bayan zoben kwanan wata akwai wani faifai a tsakiya mai ɗauke da ranakun mako cikin harsuna biyu, kuma waɗanda aka yi wa kasuwannin ƙasashen Larabawa Turanci da Larabci suke ɗauke da su. Tunda kowace rana an rubuta ta sau biyu, faifan yana da matsayi 14, kuma dole ya yi taku biyu kowane dare. Ba ya farawa sai kwanan wata ya gama nasa. Shi ya sa mai tashi tsakar dare, ko mai sahur da wuri, zai iya duba agogonsa ya ga kwanan wata ya sauya amma ranar ta koma ɗaya harshen. Agogon lafiyarsa ƙalau, yana tsakiyar taku ne, kuma kafin asuba zai ƙarasa. A injinan Seiko masu kwanan wata kaɗai, irin su 4R35, gargaɗin daga 9 na dare ne zuwa 1, domin babu faifan rana da za a jira.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci a wannan magana, kuma shi ne ya fi kama mutane. Daren da ake nufi daren agogon ne, wato inda hannuwansa da giyarsa suke, ko da kai a wurinka rana ce tsaka. Injin bai san fitowar rana ko faɗuwarta ba. Fuskar kuma awa 12 kawai take nunawa, don haka ƙarfe 11 na safe da 11 na dare kamanninsu ɗaya a ido, alhali a ƙarƙashin fuskar giyar kwanan wata tana wurare biyu masu kishiyar juna. A ɗaya ɗan yatsan yana can nesa, a ɗayan yana cikin haƙora.

Wannan ne kuma ya sa ake yawan jingina matsalar ga agogo otomatik, ko da yake ɗan ƙarfen da ke lilo a bayansa yana yi masa wani ba shi da hannu a ciki ko kaɗan. Agogon batir mai hannuwa da taga shi ma yana da zobe da ɗan yatsa, kuma littattafansu kan zo da gargaɗi iri ɗaya. Bambancin shi ne na batir yakan shekara yana tafiya bai tsaya ba, shi kuwa otomatik da motsin hannunka yake rayuwa. Injin 7S26 idan ya cika yana iya tafiyar kusan awa 40 a ajiye, daga nan ya tsaya a duk inda ƙarfinsa ya ƙare. Ajiyar kwana biyu ta isa. Mai irin wannan agogo yana saiti sau da yawa, kuma kusan kullum daga agogon da ya tsaya a lokacin da bai sani ba yake farawa.

Bari mu bi misali ɗaya daki-daki. A ce mutum ya cire Seiko 5 ɗinsa ranar Alhamis da dare ya sa a durowa, bai sake waiwayarsa ba sai ranar Litinin 17 ga wata, da ƙarfe 10 na safe, yana shirin fita. Hannuwa sun tsaya a kan 11 da minti 20, taga na nuna FRI da 14. Abin da zuciya za ta raya masa shi ne ya fara da kwanan wata, tunda shi ne a ƙas na farko: murzawa uku, 14 ta koma 17, a wuce wurin. Gari ya waye, rana ta fito, me zai sa ya tuna da gargaɗin dare? Amma agogon ya tsaya ne ranar Juma'a da dare, saura minti 40 sha biyu, da ɗan yatsan a cikin haƙora. Da zai kawo agogon kusa da ido, wataƙila ya ga lambar 14 ta ɗan goce daga tsakiyar taga. Wannan alama ce mai ƙarfi cewa agogon cikin dare yake. Sai dai rashin ganinta bai isa hujja ba, domin ɗan yatsan kan matso kusa tun kafin zoben ya fara motsin da ido zai gani.

Abin da ya kamata ya yi shi ne ya tsallake ƙas na farko, ya ja maɓallin har ƙas na biyu, na saitin lokaci, ya tura hannuwa gaba a hankali yana kallon taga. Wannan ba ya cutar da komai, domin ta hanyar da aka saba ake tura zoben, ɗan yatsan ne da kansa ke aikinsa, an dai hanzarta shi. Da hannuwa sun kai sha biyu zai ga 14 ta faɗa 15. Yanzu ya san tabbas sha biyun dare ya ƙetare. Ya ci gaba, zai ga ranar ta bi ta ɗaya harshen ta koma SAT. Ya tsaya a ƙarfe 6. Sai ya mayar da maɓallin ciki, ya sake jan sa zuwa ƙas na farko, ya murza gefe ɗaya har kwanan wata ya kai 17, ya murza ɗaya gefen har rana ta kai MON. Daga nan ya koma ƙas na biyu, ya matsa da hannuwa daga 6 zuwa 10, ya tura maɓallin gida. Da yake wannan injin ba a yi masa wani da hannu, sai ya ɗan kaɗa agogon gefe da gefe don ya tashi, ya ɗaura. Duka aikin bai kai minti biyu ba.

Me ya sa ƙarfe 6? Domin ita ce ta kuɓuta ta kowace fuska. Idan 6 na safe ce, dare ya wuce. Idan ta yamma ce, bai zo ba. Duk lokacin da gajeren hannu yake ƙasan fuska, tsakanin 5 da 7, ɗan yatsan ba ya kusa da zoben, ko ka san safiya ce ko ba ka sani ba. A nan wata dabarar masu gyara take da amfani. Idan ka kai hannuwa 6 ba tare da ka ga kwanan wata ya sauya ba, to ba ka da tabbacin wane ɓangare na yini kake. Sai ka saita kwanan wata da rana a kan na jiya, ka koma ƙas na biyu, ka yi ta tura hannuwa gaba har taga ta faɗa kan na yau. Wannan sha biyun ita ce ta dare. Daga nan ka ƙirga: idan da safe kake, ka tsaya a lokacinka, idan da yamma ne, sai ka sake ƙetare sha biyu sau ɗaya.

Ko agogon da bai taɓa tsayawa ba yana buƙatar hannu sau biyar a shekara, domin zoben 31 kawai ya sani. Bayan Fabrairu, Afrilu, Yuni, Satumba da Nuwamba, zai nuna ranar da babu ita a kalanda. Mai tsari yakan so ya gyara tun daren 30 ga wata kafin ya kwanta, kuma lokacin kwanciya shi ne daidai lokacin da aka hana. A bari sai da safe, a ga 31 a taga, a murza sau ɗaya zuwa 1. Wanda kuma ya zaɓi ya riƙa bin watan Musulunci a tagar agogonsa, nasa gyaran kowane wata ne, tunda watan 29 ne ko 30. Sanarwar ganin wata da dare take zuwa, wani lokaci bayan isha'i sosai, kuma hannu yakan yi saurin kaiwa ga maɓalli. Ko ba a yi ɓarna ba, wanda ya sa 1 da daren nan zai wayi gari ya ga 2, domin agogo da sha biyu yake sauya rana, ba da magariba ba. Shi ma safiya ce tasa.

Kada kuma a tsorata mai karatu fiye da kima. Ba duk wanda ya murza da dare ne ya karya wani abu ba. Masu ƙera injina sun san halin mutane, shi ya sa a injina da yawa na zamani ɗan yatsan yana da sassauci ko ɗan sifirin a bayansa, yadda idan haƙori ya buge shi ta baya zai lanƙwasa ya ba da hanya ya dawo. Sau da yawa abin da kawai zai biyo baya shi ne kwanan wata ya ƙi sauyawa a daren, ko ya tsallake rana. Rolex ma ya ce injinansa 3235 da 3255, waɗanda ya fito da su a 2015, ana iya saita kalandarsu a kowane lokaci. A ɗaya gefen kuma akwai Valjoux 7750, injin Suwizalan da ke cikin agoguna masu tsada na kamfanoni da dama, wanda ya yi suna wajen rashin yafe wannan kuskure, kuma littattafan agogunan da ke ɗauke da shi kan hana saiti daga 8 na dare zuwa 2. Matsalar ita ce yawancinmu ba mu san wane inji ke cikin agogonmu ba, balle mu san ko robarsa ta tsufa ko man cikinsa ya bushe. Sassaucin da ya ceci sabon agogo sau goma ba lallai ne ya ceci wanda ya shekara ashirin ba. Ni dai ban ga ribar gwada sa'a a kan abin da minti ɗaya ke kawar da shi ba.

Idan kuwa an riga an murza, ana iya gane ko an yi ɓarna ba tare da an buɗe agogon ba. A ja maɓalli zuwa ƙas na biyu, a tura hannuwa gaba zagaye biyu cikakku, ana kallon taga. Idan lambar ta sauya sau ɗaya ta zauna daidai tsakiya, to an tsira. Idan hannuwa sun yi zagaye biyu lambar ba ta motsa ba, amma a ƙarfe 6 tana sauyawa da maɓalli, zargi yana kan ɗan yatsan ko giyarsa. Idan kuma akasin haka ne, tana sauyawa da kanta da dare amma maɓallin a ƙas na farko yana juyawa fayau ba ya kama komai, to 'yar giyar saiti ce ta tafi. Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne guntulewar haƙori ɗaya a zoben, domin agogon zai yi ta aiki lafiya har sai an zo kan wannan lambar, ya maƙale a kanta ko ya tsaya rabi da rabi, wata mai zuwa ma a nan ɗin dai. Amma agogon da ke sauya kwanan wata da sha biyun rana babu abin da ya same shi. Saitinsa ne ya goce da awa 12, a tura hannuwa zagaye ɗaya ya daidaita.

Gyaran yakan fi ƙarfin abin da ya karye. Sassan kalanda ba ta bayan agogo ake isa gare su ba, inda murfi yake. Dole mai gyara ya zare maɓalli, ya fito da injin daga gidansa, ya cire hannuwa uku, ya ɗaga fuskar, ya ɓalle ɗan zoben da ke riƙe faifan rana, kafin ya kai ga giyar da ta lalace. Kowane mataki yana da nasa haɗarin, na ƙarzar fuska ko lanƙwasa hannu, kuma a ƙarshe sai an mayar da hannuwa daidai yadda sauyin kwanan wata zai faɗo a kan sha biyu. Akwai kuma guntun da ya karye. Idan ba a nemo shi da matsefata an fitar ba, yana iya yawo ya shiga tsakanin wasu giyoyi ya tsayar da agogon gaba ɗaya. Saboda haka wanda ya ga alamar karaya kada ya ci gaba da murzawa don ya gwada, ya kai wa mai gyara, ya kuma gaya masa gaskiyar inda hannuwa suke lokacin da abin ya faru, domin wannan zai nuna masa inda zai fara dubawa.

Mai karatu, idan agogonka ya tsaya, kada ka fara da ƙas na farko. Ja maɓallin har na biyu, kai gajeren hannu kan 6, sannan ka taɓa kwanan wata. Idan kuma a kowane lokaci ka ji maɓallin ya cije, to ka sake shi, kada ka ƙara masa ƙarfi.